Kwali Arba'in a Bakin Ruwa

Ni ce na ce ya bi hanyar. Da wannan zan fara, domin shi ne abin da na kasa faɗa a ranar da ya kamata in faɗe shi.

Ƙanena ne, autanmu, kuma Auta muke kiransa har yau da furfura ta fara leƙo masa a gemu. Mutanen gari kuwa Mai Tsaki suke ce masa, saboda sana'arsa ke nan. Yana zuwa gidan ƙyanƙyasa ya ɗauko 'yan tsakin da aka ƙyanƙyashe a ranar, ya kawo wa masu kiwo har ƙofar gida. Motarsa ƙaramar bas ce da ya cire wa kujerun baya, ya sa kafinta ya buga masa kantoci na katako, ana jera kwalaye a kai da tazara tsakaninsu don iska ta ratsa. Babu na'urar sanyi a cikinta, ba a taɓa yi ba. Iskar tafiya ita ce sanyinsu. Muddin mota na gudu tagogi a buɗe, tsaki lafiya lau. Da ta tsaya a rana, zafin jikinsu kaɗai ya isa ya dafa su.

A farkon shekarar ya yi wani kawo da bai yi kyau ba. Tsakin sun zo da cuta tun daga can, suka riƙa mutuwa a hannun mutane cikin mako guda. Ba laifinsa ba ne, amma wa zai je ya tuhumi gidan ƙyanƙyasa? Fuskar da aka sani ita ake zagi. Manyan masu kiwo suka koma wajen wani. Auta ya yi wata uku yana wanke mota kullum da safe, ba ya zuwa ko'ina da ita.

Sai ni, da bakina da ba ya zama wuri ɗaya, na bi matan unguwarmu gida gida. Na ce musu ƙanena ya canza gidan ƙyanƙyasa, na rantse, na dafa ƙirji, na ce duk wadda tsakinta suka sami matsala ta zo ta kama ni. Mata goma sha bakwai suka yarda. Wasu hamsin, wasu ɗari, wasu ɗari biyu, har ya kai dubu biyu cif. Kwali arba'in ke nan, hamsin a kowanne. Cikinsu akwai maƙwabciyata da muke kira Mai Ɗinki, wadda mijinta ya rasu bara, ta kwashe kayansa daga ɗakinsa, ta share, ta zuba ɓuntun shinkafa a ƙasa, ta ce a nan za ta fara kiwo. Kowa ya sani, in wannan kawon ya lalace, Auta ya gama sana'ar tsaki. Shi ya sa na ce ƙafata ƙafarsa, zan bi shi in ga komai da idona.

Mun isa gidan ƙyanƙyasa da sassafe, amma ba su sallame mu ba sai da hantsi ya ɗaga, wai ana yi wa tsakin riga-kafi. Auta ya buɗe kowane kwali ya duba da kansa. Ga su nan jawur-jawur da ƙafa, idanu a buɗe, sai tsiyu-tsiyu suke kamar ana biki. Ya ce in saurara, wannan kukan lafiya ne. Ya ce kuka iri uku gare su, na lafiya, na wahala, sannan wanda ba a so a ji, wato shiru. Na ce masa ya daina yi mana mugun baki.

Tafiyar awa biyu da rabi ce a kan kwalta. An yi ruwa mai ƙarfi kwana biyu a jere, amma ranar garin ya waye tas, rana ta fito da fushinta. Auta ya maƙala wayarsa a jikin gilashi, ya kunna manhajar taswira. Muryar mace ke magana a ciki, shi ya sa yake ce mata Malama. Ba don bai san hanya ba yake kunna ta, hanyar nan ko da ido a rufe zai bi. Yana kunnawa ne don ta nuna masa cunkoso tun daga nesa. Ya taɓa yi mini bayani cewa wayoyin mutanen da ke kan hanya ne ke gaya mata. In suna gudu, ta san hanya a buɗe take. In suka tsaya cak, sai ta shafa wa wurin ja.

Mun yi kamar awa ɗaya muna tafiya, ina ta ba shi labarin yadda Mai Ɗinki ta sayi gawayin ɗumama wa tsakinta ɗaki tun shekaranjiya, sai layin da ke kan wayar ya koma ruwan lemo, ya koma ja, ya koma wani ja mai duhu. Kafin in tambaya mun riski wutsiyar layin motoci. Wata tirela ce ta kwanta a gaba, ta tare hanya. Muka tsaya.

Minti goma bai cika ba kukan tsakin ya canza. Ya yi sama, ya yi kaifi, har cikin haƙorana nake jin sa. Na juya na leƙa ta hujin kwali, na ga sun buɗe baki suna haki. Auta ya fita ya buɗe ƙofar baya da ta gefe, ya ɗauki murfin kwali yana yi musu fifita. Na ce a yayyafa musu ruwa mana. Ya ce in tsako ya jiƙe, da mota ta tashi iska za ta kashe shi, kada in kuskura.

A nan Malama ta yi magana. Ta ce jinkirin zai kai minti hamsin, amma ta samo wata hanya da ta fi sauri da minti arba'in. Wani siririn layi ya fito a kan wayar, ya ɓalle daga kwalta ta hannun dama, 'yan taku kaɗan a gabanmu, ya yi baka ya sake haɗuwa da kwalta can gaba da tirelar. Babu ɗigon ja ko ɗaya a jikinsa.

Auta ya daɗe yana kallonsa. Ya ce bai taɓa bin ta ba, kuma hanyar ƙasa ce, ga damina. Ya ce rashin ja ba ya nufin hanya lafiya take, yana iya nufin babu kowa a kanta da zai ba da labari. Ya ce gara mu jira, masu janye mota ba sa daɗewa a wannan hanyar.

Ni kuwa kukan nan ya riga ya shiga kaina. Fuskokin mata goma sha bakwai nake gani. Na ce masa wato zai zauna yana fifita kamar mai gasa nama har su mutu a gabanmu? Na ce abin da ya fi shi ilimi ya nuna masa hanya, shi yana nan yana shawara da tsoro. Na ce tun yana yaro haka yake, sai an tura shi. Har da abin da bai kamata ba na faɗa, na ce wannan sanyin jikin ne ya sa abokan cinikinsa suka watse.

Ya ajiye murfin kwalin. Ya rufe ƙofar baya a hankali, ya shigo, ya ce, "To, Yaya." Ya danna layin, ya karya kan mota.

Wallahi da farko har daɗi na ji. Iska ta shigo, kukan ya sauka, na riƙa yi masa tsiya ina cewa ya ga amfanin babba. Hanyar jar ƙasa ce, ta bi ta cikin gonakin masara, akwai tabo nan da can amma mota na wucewa. Bayan kamar minti ashirin sai ƙasar ta fara gangara. Masara ta ƙare, gonakin shinkafa suka fara, hanyar ta zama tudu siriri da aka ɗaga a tsakiyar fadama, faɗin mota ɗaya, ruwa da laka hagu da dama. Malama ta ce mu miƙe, saura kilomita shida mu hau kwalta.

Muka sha wata kwana, sai ga ruwa. Ba kududdufi ba, ruwa ja mai gudu, ya yanke hanya ya ɗauke ta gaba ɗaya. Can tsallake, nisan da in ka yi kira da ƙyar za a ji, hanyar ta sake fitowa tana hawa tudu abinta. A kan wayar kuwa layin nan shuɗi yana nan miƙe, ya ratsa ta tsakiyar ruwan kamar babu komai. Malama ta sake cewa mu ci gaba.

Auta ya naɗe wando, ya karyi sanda, ya shiga. Taku biyar ruwan ya kai masa gwiwa, taku takwas ya kai cinya, na ga sandar tana karkarwa a hannunsa saboda ƙarfin ruwan. Ya juyo. Wani dattijo da ke gyaran kunya a gonar shinkafa ya taso da fartanyarsa a kafaɗa, ya yi mana sannu. Ya ce kwalbati ne a wurin, da rani ko keke yana wucewa, amma tun jiya ruwa ya hau kansa, kuma ba su da tabbacin gefensa ɗaya bai zube ba. Ya ce mu ne na huɗu tun safe, kowa da waya a gaban gilashi.

Babu wurin juyawa. Auta ya ce zai yi baya har inda hanya ta buɗe, kusan kilomita guda. Ya sa giyar baya ke nan muka ji hon. Wata ƙaramar mota ce ta shawo kwanar ta tsaya a bayanmu. Kafin direbanta ya fito, ga wata a bayanta. Sai motar ɗaukar kaya shaƙe da buhuna. Sai wasu biyu. Abin da ban yi tunani ba ke nan, ashe ba mu kaɗai Malama ta yi wa raɗa ba. Duk wanda ke cikin cunkoson nan da irin manhajar a wayarsa, hanya ɗaya ta nuna masa. Motoci shida muka jeru a kan tudun nan, ruwa a gaba, laka a gefe, rana a tsakiyar ka, babu ko bishiya ɗaya.

Dole na ƙarshe ya fara yin baya, sannan na gabansa, har a zo kanmu. Mu da muka fara zuwa mu ne za mu fita a ƙarshe. Na bi motocin ɗaya bayan ɗaya da ƙafa, laka har idon sawu, ina roƙo, ina cewa rayuka ne a motarmu. Na ƙarshen wani mai kwat ne da bai iya baya ba, sai da wani ya karɓi sitiyarin. Mai buhuna ya ja baya kaɗan, tayarsa ɗaya ta zame gefe, aka taru ana turawa, dattijon nan yana haƙa da fartanya yana cusa ciyawa. Duk wannan lokacin Auta yana sauke kwalayen sama yana jerawa a 'yar inuwar da jikin motar ya yi, wadda ba ta fi faɗin tabarma ba. Ya cire rigarsa yana fifita da ita. Na cire mayafina na riƙe a kansu.

Awa ɗaya da minti ashirin muka yi a wurin. Ban san daidai lokacin da ya faru ba, na dai farga ne na ji ina jin ƙarar ruwa sosai, har da kukan kwaɗi. Sai na gane abin da ya ragu. Kantocin tsakiya sun yi shiru. Na dubi Auta, ya kau da kai.

Da hanya ta samu, ya mayar da kwalayen, ya yi baya a hankali, ni ina tafe a ƙasa ina nuna masa gefe. Wayar ba ta da sabis a cikin fadamar. Ɗigon da ke nuna inda muke yana motsi, domin shi ba ruwansa da sabis, amma neman sabuwar hanya ya gagara, sai wani abu ke ta juyawa a kan gilashin. Auta ya ce da ya sauke taswirar yankin a wayar tun a gida da ta iya lissafi ko babu sabis, amma bai taɓa ganin bukata ba, tunda kwalta kaɗai yake bi.

Dattijon ya biyo mu har inda muka juya. Auta ya durƙusa ya tambaye shi, "Baba, in mutum yana son tsallake ruwan nan da mota yau, ta ina zai bi?"

Ya ce akwai gadar ƙarfe a sama, ruwa bai taɓa hawa kanta ba. Mu koma har wurin da hanya ta rabu kusa da injin niƙa, mu ɗauki hagu, mu wuce makaranta mai jan kwano, mu yi ta tafiya har mu ga dogon ƙarfen sabis, gadar tana ƙasansa. Ya ce hanyar duwatsu ce, ba laka, amma tana da gargada. Ya zana mana a ƙasa da bakin fartanya.

A wajen injin niƙa sabis ya dawo. Nan take Malama ta farfaɗo, ta ce mu yi kwana mu koma. Layin ya sake miƙewa ta cikin ruwan da muka baro, domin a wajenta har yanzu ita ce hanya mafi kusa, ba wanda ya gaya mata komai. Na kai hannu zan fizge wayar in wurgar ta taga, Auta ya riƙe ni. Ya duba kwalta, har yanzu ja mai duhu, jinkiri ya ƙaru. Ya juya taswirar zuwa hoton sama, ya bi layin rafin da ya tare mu da yatsa har ya ga wani ɗan tsinke fari ya gitta shi. Ya danna wurin ya riƙe har alama ta fito, ya sa shi a matsayin zango, wato dole a bi ta nan kafin a isa gida. Sai ga layin ya tashi daga ruwan, ya kwanta a hanyar da dattijon ya zana. Awa ɗaya da minti biyar zuwa kwalta.

Na ce mu tafi. Bai tafi ba. Ya koma kan kwalbatin a taswirar yana danne-danne, wai yana kai rahoton hanya ta yanke. Na daka masa tsawa, na ce tsaki na mutuwa shi yana aikin gwamnati. Ya ce rahoton mutum ɗaya ba lallai ya sa ta daina turo mutane yanzu ba, amma ba zai iya tafiya bai saka ba. Bai fi rabin minti ba. A hanyar fita ma duk motar da muka haɗu da ita sai ya miƙa hannu ta taga ya ce su juya. Biyu suka juya, ɗaya ya dube mu ya dubi wayarsa ya wuce.

Hanyar gadar ta cika gargada kamar yadda aka faɗa. In ya yi gudu, kwalaye su yi tsalle, tsakin su taru a kusurwa ɗaya su danne juna. In ya tafi a hankali, iska ba ta shiga. Haka ya riƙa raba tsakani, ni kuma na koma baya na durƙusa tsakanin kantoci ina tare kwalaye da ƙirjina. Warin da ke tashi a wurin ba zan manta shi ba. Ina jin ɗumi ta jikin kwalin kamar na ɗora hannu a murfin tukunya.

Muna gab da gadar na ɗaga kai, idona ya faɗa kan wayar. Taswirar ta ja baya tana nuna yankin duka, ga kwalta can gefe, wurin tirelar ya koma kore shar. An janye ta. Auta ma ya gani. Ya miƙa hannu ya matso da taswirar kusa har kwaltar ta fita daga gilashin, yana tsammanin ban lura ba. Na mayar da idona kan kwalaye.

Mun isa unguwa bayan la'asar, tafiyar awa biyu da rabi ta zama kusan bakwai. Da muka tsaya a ƙofar gidana Malama ta sanar da mu cewa mun iso. Matan suna nan zaune a zaure da tsakar gida tun azahar, kowace da kwandonta ko bahonta da tsumma a ciki. Suka taso da murna, wata har da guɗa.

Auta ya sauke kwalin farko daga kantar sama ya buɗe. Sha huɗu suka ɗaga kai. Na biyu, ashirin da ɗaya. Da ya zo kantocin tsakiya sai ya daina ƙirgawa da baki, yana buɗewa yana turawa gefe. Akwai kwalin da ko ɗaya bai motsa ba, sun kwanta a kan juna a kusurwa, baki a buɗe. Waɗanda suka rayu duka ba su kai ɗari huɗu ba, su ma rabinsu ba sa iya tsayuwa. Ya jiƙa sukari a ruwa yana tsoma musu baki ɗaya bayan ɗaya, matan suna tsaye a kansa.

Wata daga cikinsu ce ta fara magana. Ta tambaya me ya kai motar tsaki hanyar fadama da damina, ko yaro ya san ba a yi. Duk suka juyo, ba shi suke kallo ba, ni suke kallo, ni da na dafa ƙirji. Ni da ba a taɓa rufe mini baki a unguwar nan ba, na tsaya ina kallon laka a ƙafata.

Auta bai ɗago ba, tsako na hannunsa. Ya ce, "Ni na bi hanyar. Yaya ta ce in jira, na ƙi. Ku yi haƙuri."

Na buɗe baki. Na rantse da Allah na buɗe. Sai na ji wata ta ce ai dama, wata ta dafa kafaɗata tana ce mini sannu, kin yi iya ƙoƙarinki, ƙani ne ba ya jin magana. Na bar hannunta a kafaɗata, na rufe bakina.

Ya raba musu masu ran, ya ce sauran magana zai bi kowace har gida. Mai Ɗinki ba ta karɓi ko ɗaya ba, ta ce a ba masu yara. Ta ɗauki bahonta ta fita ba ta yi wa kowa faɗa ba. Katangarmu ɗaya da ita, ina ji ta shiga ɗakin mijinta, ta fito da kaskon gawayin da ta hura tun safe don ɗumama ɗakin, ta zuba masa ruwa. Na ji ƙarar cuuu ɗin nan har tsakar gidana.

Ni da Auta muka haƙa rami a bayan gida muka zuba sauran. Ina riƙe da kwali yana juyewa. Na ce masa, Auta, me ya sa? Ya ce ni a unguwar nake zaune, da matan nan zan ci gaba da gaisawa kullum, shi kuwa sunansa ya riga ya ɓaci tun farkon shekara, ƙari kaɗan ba zai canza komai ba. Ya ce kuma sitiyari a hannunsa yake, ba a nawa ba.

Bayan kwana tara na je gidansa na tarar da shi da guduma yana ɓamɓare kantocin motar, matarsa tana tara katakon a gefen murhu. Yanzu lodin bulo da yashi yake yi wa magina. In ya wuce ta unguwarmu, matan sukan nuna shi da baki su ce ga wanda bai ji maganar yayarsa ba. Jiya ma Mai Ɗinki ta faɗa a gabana, tana auna mini tsawon riga, ta ce da ya bi shawarata da yanzu kajinta sun fara ƙwai. Na ɗaga hannu ta zagaya da tef ɗin, na ce mata ta ɗan sassauta wajen kafaɗa.